Sawun da Ya Fi Fita

A ofishin kula da namun daji, can hawa na biyu, cikin wani ɗaki mai fanka da ke juyawa kamar an tilasta mata, akwai wata ma'aikaciya da kowa ke kira Uwar Sawu. Aikinta duba hotunan sawun dabbobi da jama'a ke turowa. Manomi ya wayi gari ya ga an tattake masa shuka, mai gadi ya ga wani abu a bayan katanga, mai kiwo ya rasa ɗan akuya, sai su ɗauki hoto su turo, ita kuma ta faɗi dabbar da ake kyautata zato. Mafi yawan hotunan ba sa biyan buƙata. Wani ya ɗauka daga gefe har sawun ya miƙe kamar na kada, wani inuwar kansa ce ta rufe komai, wani kuwa babban yatsansa ya fi sawun fitowa. Kuma kusan kowa zaki yake so a ce masa, ko da kyanwar maƙwabta ce ta bi ta wurin.

Saboda haka ta kafa wa mutane ƙa'ida, tana maimaita ta har abokan aiki suna kwaikwayon muryarta a bayan idonta. Ka tsaya daidai saman sawun, ka ajiye kwalin ashana a gefensa don a san girmansa, sannan ka zaɓi sawun da ya fi fita tsaf, wanda bai goge ba. Ba baƙi kaɗai ta koya wa ba. A gidansu ma babu wanda ya tsira, har yaran ƙaninta sun san ba a ɗaukar hoton sawu babu ashana.

Ran nan da yamma, ana gab da tashi, hoto ya shigo wayarta daga ƙanin nata, Auta. Kafin ta buɗe ma ya kira.

Auta yana kiwon tumaki a bakin gari, inda gidaje suka ƙare aka shiga gonaki da rafi. Garkensa na jikin lambun Baffansu, ƙanin mahaifinsu, wanda ya riƙe su tun rasuwar uban. Baffa ya tsufa, matarsa ta rasu, idanunsa sun yi yana har ba ya gane fuska sai murya. Ya ƙi komawa gidan kowa. Yana zaune a ɗan ɗakin kwano cikin lambun, shi da wani ƙaton kare mai guntun wutsiya da ake kira Guntu. Karen ne ke gaba idan zai je rijiya, shi ke tsayawa idan akwai rami, kuma da hannun Baffa ya sauka gefe sai ya tarar da kan karen. Mutanen unguwa na tsokana cewa gwauraye biyu ne a lambun, amma ɗaya ya fi ɗaya ladabi.

A wayar Auta ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce wani abu ya shiga garke kafin gari ya waye, ya ɓalle wayar shinge ta ɓangaren rafi, ya kashe masa tunkiya biyu, ɗaya ma rabinta kawai aka samu. Da ya zagaya lambu sai ya iske Guntu kwance a ƙofar Baffa, bakinsa duk jini, kunnensa a yage. Matarsa ta rantse yaranta ba za su ƙara bi ta lambun ba, maƙwabta kuma sun ce karen da ya ɗanɗani jinin tunkiya ba ya dainawa, gara a gama da shi kafin ya taɓa ɗan mutum. Matasa har sun fara ɗauko sanduna. Baffa ne ya tsaya a ƙofa ya ce babu mai taɓa masa kare.

"Ya ce ba zai yarda ba sai ke kin faɗa da bakinki, Yaya," in ji Auta. "Ya ce in Uwata ta duba ta ce kare ne, shi ke nan."

Sunan mahaifiyar Baffa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta san ran Guntu aka ɗora mata a tafin hannu, kuma ta san abin da karen yake ga tsohon. Ta ce wa Auta ya dakata, ta buɗe hoton.

Kai, hoto ya yi kyau. Da ɗalibinta ne da ta ba shi maki cikakke. An ɗauka daga sama, ga kwalin ashana kwance a gefe, ga sawun a tsakiya cikin laka mai laushi, ya fita kamar an buga hatimi. Yatsu huɗu, kowanne da alamar farce a gabansa. Nan take ta cire damisa, don damisa kan janye faratanta in tana tafiya, sawunta a zagaye yake, kuma bayan tudun tafinta ƙullutu uku ne. Wannan ya fi tsawo kan faɗi. Yatsun tsakiya biyu sun yi gaba kafaɗa da kafaɗa, na gefe biyu sun zauna daidai da juna, hagu da dama ba wanda ya fi wani. Tudun tafin ƙarami ne mai kusurwa uku, kuma tsakaninsa da yatsun akwai fili, har ana iya ja layi biyu su gitta juna ba tare da sun taɓa komai ba. Tsawonsa bai kai kwalin ashana biyu ba, amma ya fi ƙarfin dila nesa.

Ta juya wayar, ta ƙara girman hoton, tana neman abin da zai ba ta damar cewa ba ta tabbata ba. Ba ta samu ba. Ita kuwa mace ce mai alfahari da abu ɗaya: ba ta taɓa karkata sawu don faranta wa wani ba. Ta taɓa gaya wa wani babban mutum cewa zakin da ya firgita masa gidan gona jakin mai gadinsa ne da ruwa ya faɗaɗa wa sawu, ba ta ko yi murmushi ba.

"Kare ne," ta ce. "Babba."

Ta ji Auta ya saki numfashi. Ta fara cewa su bar maganar tukuna har ta zo ƙarshen mako ta ga wurin, amma daidai lokacin Oga, shugaban ofishinsu, ya leƙo yana nuna mata agogo, ana jiranta a ɗakin taro, Auta kuma yana magana da wani a gefensa. Ya ce to, to, ya ji, ya kashe wayar. Ba ta san ko rabin maganar ya shiga kunnensa ba.

Ta koma gida ta kasa zama wuri ɗaya. Mijinta ya tambaye ta abin da ya faru, ta gaya masa, ya ce ai gaskiya ta faɗa, laifin me ta yi. Ta ce babu. Abincin dai bai shiga ba.

Da safe ta ɗora hoton a kwamfutar ofis don ta ajiye shi cikin sauran, kamar yadda take yi wa kowane hoto. Allon ya fi na waya girma sau da yawa. Idonta bai je tsakiya ba wannan karon, don ta riga ta gama da tsakiya. Can ƙasa ta hannun hagu, inda hoton ya yanke, akwai wani ɗan lotsi da jiya ta ɗauka laka ce kawai ta motsa. Ta ƙara haske. Yatsu biyu ne da rabin na uku, kuma ba irin na kare ba. Dogaye ne, masu kauri, a lanƙwashe kamar ƙwayar wake, sun manne da juna ba ko ɗan fili a tsakani. Gaban ɗaya akwai ramin farce mai kauri, dakusasshe. Kowane yatsa ya fi na sawun tsakiya girma. Kuma gefen wani sawun karen ya hau kansu ya danne.

Ta daɗe tana kallo. Ta san yatsun nan kamar yadda ta san nata. Kura ce, ko kuma duk abin da ta koya a banza ne. Kuma in sawun kare ne a sama, to kurar ce ta fara wucewa.

Ta kira Auta, waya a kashe. Ta kira matarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Baffa ba ya riƙe waya, ya ce ba ya magana da wanda ba ya jin ƙamshinsa. Ta ɗauki jakarta da ma'auni ta sauka, ta tarar motar ofis ta fita kai Oga wani wuri. Ta tsaya bakin titi ta shiga motar haya, irin wadda ba ta tashi sai ta cika, ta zauna tana kallon kujeru biyu da suka rage kamar ta cika su da ido. Kwandasta na ta kiran fasinja cikin nishaɗi, wata mata na cinikin kuɗin kaya, ita kuwa tana danna lambar Auta tana sake dannawa. A ranta tana cewa Baffa ba zai yi gaggawa ba, zai ce a bari ta zo, mutum ne da ko tumatir ba ya tsinka sai ya shafa shi sau biyu.

Rana ta take tsaka lokacin da ta sauka. Ta bi ɗan lungun da ke tsakanin katangar makaranta da bola, ta fita fili, ta hango lambun. Kullum daga nan Guntu ke fara haushi, sai ya gane ta ya taho yana kaɗa abin da ya rage masa na wutsiya. Ta yi ta tafiya har bakin shinge ba ta ji komai ba sai kukan injin ban ruwa daga wata gona.

Auta ta fara gani, yana ɗaure wayar shingen garke. Ya yi mamakin ganinta. Ya ce wayarsa ba caji, wuta ba ta zo ba tun jiya. Da ta tambayi karen sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murɗa waya. Ya ce an gama tun da hantsi. Baffa bai bar matasa sun taɓa shi ba, bai kuma yarda da guba ba. Shi ya sa aka kira malamin dabbobi ya zo da allura. Baffan da kansa ya zauna a ƙasa ya ɗora kan karen a cinyarsa har aka gama. Sun binne shi a gindin mangwaro.

Ta ce ya kai ta inda ya ɗauki hoton.

Suka gangara bakin rafi. Ruwa ya ja baya ya bar laka mai faɗi, sama da ita kuma yashi. Auta ya nuna mata sawun da alfaharin da bai gama mutuwa ba, ya ce ya sha wahala kafin ya samu wannan, don sauran duk a cakuɗe suke, an tattaka, ba abin da za ta gane a ciki. Ya zaɓi wanda ya fi fita, kamar yadda take faɗa.

Kamar yadda take faɗa.

Ta cire takalmi ta bi gefen lakar a hankali, tana komawa baya zuwa garken. Abin da Auta ya kira cakuɗe, a wurinta rubutu ne ɓaro-ɓaro. Ga inda kurar ta fito daga ciyawar ƙetare ta nufi garke, tafiya take ba sauri. Sawun ƙafar gaba ƙato, ya haura kwalin ashana biyu, na baya kuwa ƙarami har ka ce wata dabba ce daban, kuma haka kura take. Bayan tudun tafin a karkace yake, ba a miƙe ba kamar na kare. Babu sawun kare ko ɗaya a wannan layin. Ga kuma layin dawowa, ƙafafun gaba sun nutse sosai, a gefensu jan wani abu mai nauyi ya share yashi, da ɗan gashin tunkiya maƙale a ƙaya. Daga ɓangaren lambu sai wani layin ya shigo a guje, yatsu a baje, farata sun caki ƙasa, laka ta fantsama baya. Inda layukan biyu suka haɗu ƙasa ta birkice, an yi juyi, an yi turmutsutsu, akwai baƙin tabo da ƙudaje ke bi. Daga nan jan abun ya ƙare. Kurar ta miƙe zuwa ruwa da dogon taki, sawun karen na bin ta a baya, yana hawa kan nata, kuma ɗaya daga ƙafafunsa na baya ba ta taka ƙasa sosai. Gefunan sawun biyu ɗanyensu ɗaya, bushewarsu ɗaya, ba a ce wani ya kwana wani bai kwana ba.

A bakin ruwa karen ya tsaya. Dabbar da ke tsaye cak a laka mai laushi ita ke barin sawu mai kyau. Wannan ne Auta ya ɗauka.

Ta tambaye shi inda ya tsinci rabin tunkiyar, ya nuna wurin da ƙasa ta birkice. Ta tambaye shi yadda ƙashin yake. Ya ce ƙashin cinyar a farfashe yake kamar an sa guduma, ya yi mamaki ma, amma bai kawo komai a ransa ba, ya haƙa rami ya rufe saboda wari. Da ta tambaye shi wannan jiya, da magana ta ƙare a nan. Kare kan yayyaga, ya ciji wannan ya ciji waccan, amma ba ya niƙa ƙashin cinyar tunkiya haka. Ba ta tambaya ba. An ce mata sawun me ne wannan, ta amsa daidai, alhali abin da ake son sani shi ne wa ya yi kisa, kuma hoto ɗaya bai taɓa amsa wannan ba. Ta san haka tun shekararta ta farko a aiki. Kyan hoton ne ya rufe mata ido, da daɗin ganin an bi ƙa'idarta.

Ta bayyana wa Auta, tana nunawa da tsinke. Ya tsuguna ya dafe kai. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi da ɓacin ran asara. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Don Allah Yaya, kada ki gaya masa. Ya riga ya haƙura. Ki bar shi da abin da ya sani."

Ta so ta yarda, har ga Allah ta so. Ai sauƙi ne: ta shiga ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta koma. Amma ta ɗaga kai ta dubi ɗakin kwanon da ke cikin lambun, ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta, kuma in zafi ya yi tsohon a waje yake shimfiɗa tabarma. Kurar da ta samu nama a wuri tana iya dawowa, abin da ya kore ta kuwa yana ƙarƙashin mangwaro. Dole a gaya wa unguwa su killace dabbobi, su hana yara zuwa rafi da sassafe da almuru, dole ta sanar da ofis. Maganar da unguwa ta ji kuwa ba za ta kwana ba ta shiga lambu ba. Ta ce wa Auta gara ya ji daga bakin da ya ji ta farko.

Ta iske Baffa zaune a kan benci a ƙofar ɗaki, ya wanke hannu ya canza riga. Kwanon abincin karen na gefen ƙafarsa, an wanke shi tas an kife. Tun kafin ta yi sallama ya ɗago.

"Uwata ce? Kin sha hanya. Ai da kin zauna, an gama."

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi mijinta da aiki, ya ce Auta ya kawo mata ruwa. Sannan ya shiga lallashinta, shi da aka yi wa rashi. Ya ce kada ta sa abin a ranta, aikinta ta yi, kuma shi ya fi son wanda zai gaya masa gaskiya ko da ɗaci. Ya ce dabba dabba ce, ka yi shekaru da ita ba ka san abin da ke cikinta ba. Yana magana hannunsa na sauka gefen benci yana dawowa.

Ta ce masa akwai abin da take so ya gani a bakin rafi. Ya yi 'yar dariya ya ce gani kuma, a ina. Ta ce da hannu. Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. Sannan ya laluba sandarsa, ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ba ta san dalili ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ta riƙe masa gwiwar hannu suka gangara, Auta na biye daga nesa. A bakin lakar ta taimaka masa ya tsuguna. Ta kama yatsunsa masu kaushi ta sa cikin babban sawun, ta bi da su kan yatsun da suka lanƙwashe suka manne, ta kai su bayan tafin da ya karkace. Ta ce wannan kura ce. Ta matsar da hannun kaɗan zuwa ƙaramin sawun da ya hau gefen babban. Wannan bai buƙaci bayani ba. Ya sha wanke ƙafar nan, ya sha cire mata ƙaya. Yatsunsa suka tsaya a ciki.

"Wanne ne a sama?"

"Nasa, Baffa."

"Ina suka nufa?"

"Ruwa. Ita a gaba, shi a baya. Ya ƙwace rabin tunkiyar a can sama, a nan ne ta yage masa kunne. Jinin bakinsa daga wurin ne."

"Korarta yake."

"Korarta yake."

Ta gaya masa sauran ba tare da ta rage wa kanta komai ba: hoton daidai ne, sawun na kare ne, amma bai kamata ta yanke magana a kan sawu ɗaya ba, kuma ita ta koya wa Auta ya bar sauran ya ɗauko mai kyau. Ta so ya yi mata faɗa. Da ya zage ta ma da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya bar hannunsa a cikin lakar, yana shafa gefen sawun da babban yatsa a hankali don kada ya ruguje.

"Ya zo yana ɗingishi ya kwanta a ƙofata," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na hana shi abinci jiya. Yau da malamin ya zo, na riƙe masa kai, yana lasar hannuna, ni kuma ina ce masa me ya sa ka yi mini haka, me na rage ka da shi. Ina ta yi masa faɗa, Uwata. Har ya daina motsi ina yi masa faɗa."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. A bayansu ta ji Auta ya juya ya hau tudu da sauri.

Baffa ya laluba kwanon ya kife shi a kan sawun, ya danna bakinsa cikin laka, ya nemi dutse ya ɗora. Ta san ruwa zai taso ya shafe wurin nan ba da daɗewa ba, shi ma ya sani, ya fi ta sanin rafin. Ya dafa sanda ya miƙe. Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya ce ta bari, ya san hanya. Babu fushi a muryar, kuma hakan ya fi mata ciwo.

Ta ce masa daga yau zai riƙa kwana gidan Auta har a san yadda za a yi da kurar. Shekara da shekaru ana roƙonsa wannan yana cewa shi da Guntu sun ishi juna. Yau ya ce to.

Ya yi gaba yana taɓa ƙasa da sanda, yana tsayawa inda bai saba tsayawa ba. Ta bi shi a baya, kanta a ƙasa, don ido ya riga ya saba ba ya bari. A ƙurar hanyar rijiya ga sawun takalmin Baffa na kwanakin baya, zuwa da dawowa, kowanne da sawun kare a gefensa na dama, kusa da kusa. Ga kuma na yanzu yana hawa kansu, takalmi da ɗigon sanda. Ta taka gefen ciyawa har suka isa ƙofar ɗakin, sannan ta shiga ta fara naɗe masa tabarma.